Me ya sa RAM take mantuwa? Yadda SRAM da DRAM suke riƙe bit guda, da dalilin sabunta caji

Duk wanda ya taɓa zama a wurin buga takardu ko gidan intanet a Yamai ya ga wannan al'ada: mai aiki zai kunna kwamfuta, ya danna gefen dama na linzami, ya zaɓi `Actualiser` sau biyar ko goma a jere, in an tambaye shi dalili ya ce yana wartsake RAM ne don na'urar ta yi sauri. Ga kuma ƙorafin da ke tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu: ta yaya abin da ake kira ma'adana zai zubar da aikin awa biyu cikin ƙiftawar ido, alhali hotunan da ke cikin na'urar tun bara suna nan daram? Tambayar da ke ƙarƙashin duka biyun ita ce, da me RAM take riƙe abin da aka ba ta, kuma me ya sa riƙon nata ba ya dorewa?

Gaskiya ne ana sabunta RAM, amma ba da linzami ba, kuma ba sau goma ba. Ana yin sa sau dubbai a kowane sakan, ba tare da mai kwamfutar ya sani ba. Don a fahimci dalili, sai an sauka har zuwa ɗan gurbin da ke riƙe bit guda ɗaya, a kuma kwatanta hanyoyi biyu da aka saba bi wajen gina shi, wato SRAM da DRAM.

## Mene ne bit, kuma ina waɗannan biyun suke zaune?

Bit shi ne mafi ƙanƙantar bayani, ko dai 0 ko 1, kuma guda takwas ne suke haɗa bayit ɗaya. A cikin na'ura ana wakiltar su da ƙarfin lantarki: idan wata mahaɗa tana kusa da cikakken ƙarfin wutar da ake ba ƙwayar ma'adanar, a ce 1 ne, idan tana kusa da sifili a ce 0 ne. Saboda haka aikin kowane gurbi na ma'adana shi ne ya tsayar da wata mahaɗa a sama ko a ƙasa har zuwa lokacin da za a zo tambaya.

DRAM ita ce abin da kowa yake nufi in ya ce RAM: baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke jere a kan sandar da aka rubuta wa DDR3, DDR4 ko DDR5, da kuma LPDDR da ke manne a cikin waya. SRAM kuwa ba a saye ta a sanda. Tana cikin furosesa kansa, a ƴar ma'adanar kusa da ake kira kash, inda yake ajiye abin da yake yawan komawa gare shi. Kash hawa-hawa ce, ana lissafa girmanta da kilobayit a mataki na farko da megabayit a mataki na uku, alhali DRAM ana lissafa ta da jiga. Duka biyun suna mantuwa idan wuta ta yanke. Bambancinsu yana wurin abin da ke faruwa yayin da wutar take nan.

## SRAM: zobe mai riƙe kansa

Gurbin SRAM da aka fi sani tiransisto shida ne. Tiransisto makunni ne da lantarki ke buɗewa da rufewa, ba hannu ba. Huɗu daga cikin shidan suna haɗuwa biyu-biyu su zama majuya guda biyu. Majuyi ƙaramar da'ira ce da ke fitar da kishiyar abin da aka ba ta: a ba ta 1 ta fitar da 0, a ba ta 0 ta fitar da 1. Yana yin haka ne da tiransisto ɗaya da ke jan mafitarsa zuwa wutar sama, da wani da ke jan ta zuwa ƙasa, kuma a kowane lokaci ɗaya ne kawai a buɗe.

Hikimar tana wurin haɗin. Ana kai mafitar majuyi na farko zuwa mashigar na biyu, sannan a mayar da mafitar na biyu zuwa mashigar na farko, su zama zobe. A ɗauka mahaɗar hagu tana kan 1. Majuyin da ke kallonta zai sa mahaɗar dama ta zama 0, ɗayan kuma da ya ga 0 a dama zai sa hagu ta zama 1, wato dai inda take tun farko. Kowane ɓangare yana tabbatar da ɗan'uwansa. Idan aka juya lamarin, hagu 0 dama 1, shi ma haka zai zauna. Zoben yana da mazauni biyu ne kacal, kuma mazaunin da yake kai shi ne bit ɗin.

Abin lura a nan shi ne, mahaɗar da ke kan 1 ba a cika ta aka tafi aka bar ta ba. A haɗe take da layin wuta ta cikin tiransiston da ke buɗe. Tiransisto na SRAM ma suna yoyon lantarki kamar kowanne, amma duk abin da ya zurare layin wuta yana mayar da gurbinsa nan take. Idan wata hayaniyar lantarki ta ɗan ture mahaɗar, zoben da kansa yake dawo da ita. Wannan ne ya sa SRAM ba ta buƙatar wani ya riƙa zagayowa kanta, muddin akwai wuta.

Sauran tiransisto biyun ƙofofi ne. Suna haɗa mahaɗun biyu da wasu dogayen layuka biyu da ake kira layukan bit, kuma layi guda da ake kira layin zaɓi ne yake buɗe su tare. Idan za a karanta, sai a fara cika layukan bit ɗin biyu da wuta, sannan a buɗe ƙofofin. Ɓangaren da ke kan 0 zai fara janyo layinsa ƙasa, ɗayan layin ya tsaya inda yake, wata da'ira a ƙarshen layukan ta gane wanne ya sauka. Bayan an rufe ƙofofin gurbin yana nan yadda yake, karatun bai taɓa shi ba. Idan kuma za a rubuta, sai a danne layi ɗaya ƙasa da ƙarfin da ya fi na zoben, har zoben ya juye ya koma ɗaya mazaunin. Masu tsara ƙwayar suna shan wahala a nan, domin dole ƙofar ta kasance da rauni yadda karatu ba zai juya gurbin bisa kuskure ba, kuma da ƙarfi yadda rubutu zai iya juya shi.

Masu gyaran kwamfuta sun san wata shaida ta wannan riƙon ko da ba su kira ta da sunanta ba. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, da ke kan allon uwa, yana ciyar da agogo da wata ƴar SRAM mai riƙe wasu saituna, kuma yakan yi shekaru yana wannan aikin, saboda zoben da ba a taɓa shi ba ɗan yoyo kawai yake ci. Ranar da batirin ya mutu, kwamfuta takan tashi da kwanan wata na shekarun baya. Wuta ta yanke, zoben ya saki.

## DRAM: tiransisto ɗaya da kwandansa ɗaya

Matsalar SRAM ita ce wuri. Jiga 8 na RAM bit biliyan 68 ne da ɗoriya, kuma da za a gina su da tiransisto shida-shida, da an buƙaci fiye da biliyan 400. Robert Dennard, injiniya a kamfanin IBM, shi ne ya kawo wata hanya a 1966, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1968: a cire zoben gaba ɗaya, a bar tiransisto ɗaya a matsayin ƙofa da kwandansa ɗaya a matsayin ma'aji. Kwandansa dangin wadda ke cikin fanka ce, faranti biyu da wani abu mai hana lantarki wucewa a tsakaninsu, sai dai wannan ido ba ya ganinta. Idan an cika ta da caji, 1 ne, idan an zazzage ta, 0 ne. Ƙwayar DRAM ta farko da ta samu kasuwa sosai, Intel 1103 ta 1970 mai bit 1,024, da tiransisto uku take gina kowane gurbi, amma daga tsakiyar shekarun 1970 tsarin Dennard ya mamaye ko'ina, kuma shi ne a cikin wayar kowa a yau. Gurbinsa yana cin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wurin da gurbin SRAM yake ci, kuma daga nan arahar take fitowa.

To amma da zarar an rubuta bit an rufe ƙofa, kwandansar ta zama ita kaɗai, ba ta haɗe da layin wuta ko kaɗan. Misalinta misalin randar ƙasa ce da aka ja wa zane a tsakiya, aka ce in ruwa ya haura zanen 1 ne, in yana ƙasa da shi 0 ne. Randa tana tsatsafo ko da an rufe bakinta, don haka wadda aka cika in aka bar ta za ta yi ta sauka har ta kusanci zanen, kuma daga nan babu wanda zai iya rantsewa ko cike aka bar ta ko wofi. Maganin shi ne a leƙa ta tun ruwan bai kai zanen ba, a cika ta fal idan ta nuna alamar cika, a zubar da ɗan abin da ya taru idan ta nuna alamar wofi.

Cajin yana zurarewa ta hanyoyi uku. Tiransiston da aka rufe ba ya rufuwa ɗari bisa ɗari, wani abu yana bi ta cikinsa. Wani yana tsiyaya ta mahaɗar da ke tsakanin tiransiston da silikon ɗin da aka gina shi a kai. Wani kuma yana ratsa siririn abin da ya raba farantan biyu. Dukansu halin silikon ne da ƙanƙantar gurbin, ba lalacewa ba ce, kuma sabuwar sanda dal daga kwali tana yin wannan yoyon.

## Karatun da ke cinye abin da aka karanta

A nan ne lamarin ya fi ban sha'awa, kuma a ganina wanda bai fahimci karatun DRAM ba ba zai fahimci sabuntawa ba. An shirya guraben sahu-sahu. Layin zaɓi ɗaya yana buɗe ƙofofin sahu guda gaba ɗaya, kuma kowane layin bit yana ratsa ɗaruruwan gurabe na sahu daban-daban. Saboda tsawonsa, layin bit shi ma yana ɗaukar caji, har ya ninka na ƴar kwandansar sau da yawa.

Mu ɗauki alƙaluma na misali masu sauƙin lissafi, waɗanda suke kusa da girman abin da ake samu. A ce wutar bolt 1.2 ce, kamar ta DDR4, kwandansar femtofarad 20, layin bit kuma femtofarad 100, inda femtofarad yake nufin ma'aunin yawan cajin da abu yake iya ɗauka. Kafin karatu ana ajiye layin bit a daidai rabi, wato bolt 0.6. Gurbin da ke riƙe 1 yana kan 1.2, ya ɗara rabin da 0.6, kuma wannan ratar a cikin kwandansa mai wannan girman ba ta wuce elektaron kimanin 75,000 ba. Shi ke nan abin da ya raba 1 da rashin tabbas. Da an buɗe ƙofa, cajin zai bazu tsakanin kwandansar da layin, layin ya ɗan ɗaga. A lissafin nan `ΔV` shi ne ɗagawar layin, `Vc` ƙarfin wutar da ke gurbin, `Cc` femtofarad na kwandansar, `Cb` kuma na layin:

```
ΔV = (Vc − 0.6) × Cc / (Cc + Cb)
ΔV = (1.2 − 0.6) × 20 / (20 + 100) = 0.1 V
```

Layin ya tashi daga 0.6 zuwa 0.7, amma ita ma kwandansar ta sauko daga 1.2 zuwa 0.7. Ma'ana, buɗe ƙofar kaɗai ya rushe abin da aka ajiye. Da gurbin 0 ne, da layin ya sauka zuwa 0.5, kwandansar kuma ta ɗago zuwa nan.

A ƙarshen layin akwai da'irar tantancewa, wadda ke kwatanta wannan layin da wani layi makwabci da aka bari a kan 0.6. Idan aka duba gininta, sai a ga ba komai ba ce illa majuya biyu da aka haɗa zobe, irin zoben da ke cikin gurbin SRAM. Ana kunna ta a lokacin da ɓangarorinta biyu suke kusan daidai, sai ɗan bambancin 0.1 ɗin ya rinjayar da ita, ta ja layin da ya ɗara har 1.2, ta danne ɗayan har sifili. Da yake ƙofar gurbin tana buɗe har yanzu, kwandansar za ta sake cika daga layin, sannan a rufe ƙofa, a mayar da layin rabi don karatu na gaba.

Ke nan DRAM ba ta rabu da zoben ba. Ta cire shi ne daga cikin kowane gurbi ta ajiye guda ɗaya a bakin layi, ɗaruruwan gurabe suna karɓa-karɓa da shi. A SRAM kowane bit yana da mai tsaronsa na kansa dare da rana. A DRAM mai tsaron ɗaya ne ga jama'a da yawa, kuma dole a kai kowane sahu gabansa kafin cajinsa ya yi rauni. Sabuntawa ita ce wannan kaiwar: a buɗe sahu, a bar da'irar tantancewa ta cika shi, a rufe, ba tare da an fitar da komai waje ba.

Yanzu a ga abin da jinkiri yake jawowa. Idan yoyo ya saukar da gurbin daga 1.2 zuwa 0.9 kafin a buɗe shi, lissafin zai ba da 0.05 maimakon 0.1. In ya ƙara sauka, alamar za ta yi ƙanƙantar da hayaniyar layukan makwabta da ƴar karkatar da ke jikin da'irar kanta za su fi ta ƙarfi. Da'irar ba ta san kokwanto ba, dole ta faɗa gefe guda, kuma idan ta faɗa gefen kuskure za ta rubuta kuskuren a cikin gurbin da cikakken ƙarfi. Daga nan babu alamar da ta rage cewa 1 ne a da.

## Lissafin sabuntawa a ƙwayar DDR4 guda

Ƙungiyar JEDEC, wadda ke tsara ƙa'idojin da masu ƙera ma'adana irin su Samsung da SK Hynix da Micron suke bi, ta ƙayyade wa DDR3 da DDR4 cewa a sabunta kowane gurbi aƙalla sau ɗaya cikin milisakan 64, muddin zafin ƙwayar bai wuce digiri 85 ba. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, don haka kowane gurbi ana cika shi fiye da sau 15 a sakan, kimanin sau miliyan 1.35 a kwana guda.

Mu duba sandar jiga 8 mai ƙwayoyi takwas. Kowace ƙwaya tana ɗauke da jigabit 8, wato jiga ɗaya tunda bit takwas ne bayit ɗaya, an kasa ta rukuni 16, kowane rukuni yana da sahu 65,536, kowane sahu bit 8,192. Ba a tsayar da komai a sabunta su gaba ɗaya a lokaci guda. Sashen da ke kula da ma'adana, wanda a kwamfutocin yanzu yana cikin furosesa, yana raba aikin zuwa umarni 8,192 a cikin milisakan 64 ɗin. Tazarar umarni da umarni ita ce ake gani a BIOS, wato shafin saitunan allon uwa, da sunan `tREFI`, lokacin da kowane umarni yake cinyewa kuma `tRFC`. A lissafin nan ms milisakan ne, µs maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, ns kuma nanosakan, kashi ɗaya cikin biliyan.

```
tREFI = 64 ms / 8192 ≈ 7.8 µs
tRFC  = 350 ns
350 / 7800 ≈ 4.5%
```

Umarnin ba ya ɗauke da lambar sahu. Ƙwayar tana da ƙidayarta a ciki da ke tuna inda aka tsaya, kuma a kowane umarni takan sabunta sahu 8 a kowane rukuni, 128 ke nan a jimlace. A cikin nanosakan 350 ɗin nan ba a iya karatu ko rubutu a ƙwayar, duk buƙatar da ta iso sai ta jira. Kusan kashi huɗu da rabi cikin ɗari na lokacin ma'adanar ke nan yake tafiya a hidimar kanta. Ƙa'idar ta yarda a jinkirta umarni har guda takwas idan aiki ya yi yawa, da sharaɗin a rama su.

Wannan harajin yana ƙaruwa da girman ƙwaya, tunda sahu suna ƙaruwa amma wa'adin bai ƙaru ba. Ƙwaya mai jigabit 4 tana buƙatar nanosakan 260, mai 8 tana buƙatar 350, mai 16 kuma 550, wato kashi bakwai cikin ɗari. A DDR5 an rage wa'adin zuwa milisakan 32, aka kuma kawo hanyar sabunta wasu rukunai yayin da sauran suke ci gaba da aiki, don a rage jiran.

Babu hannun tsarin Windows ko Android a cikin wannan zagayen, balle na mai amfani. Danna `Actualiser` ko F5 a kan fuskar kwamfuta yana sa a sake karanta jerin fayiloli ne a sake zana gumakansu, ba ya taɓa cajin ko gurbi ɗaya.

## Shin wa'adin bai yi tsauri da yawa ba?

Akwai masu cewa an wuce gona da iri, kuma suna da hujja. Mafi yawan gurabe suna iya riƙe cajinsu na sakanni a yanayin ɗaki. Masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna a 2008 cewa bayanai suna wanzuwa a DRAM na wasu sakanni, wani lokaci har mintuna, bayan an yanke wuta, kuma idan aka sanyaya sandar sosai sukan daɗe fiye da haka, har a iya ciro makullan sirri daga cikinta. Da wannan hujjar ce wasu masu son matse sauri daga kwamfutarsu suke shiga BIOS su tsawaita `tREFI` ninki da yawa, kuma sau da yawa na'urar takan ci gaba da aiki.

Masu ƙera ƙwayoyin suna kallon abin ta wata fuska, kuma ina ganin su ne a kan daidai ga wanda yake aiki da na'urarsa don neman abinci. Ba a tsara wa'adi don matsakaicin gurbi, ana tsara shi ne don mafi rauni a cikin biliyoyi, a kan mafi zafin da aka yarda da shi. Guraben ba su fito daidai wa daida ba, ƴan kaɗan suna yoyo fiye da sauran nesa ba kusa ba, har ma akwai waɗanda riƙonsu yake canjawa daga lokaci zuwa lokaci, su ci gwaji yau su faɗi gobe. Bit ɗaya da ya juye a cikin hoto ba wanda zai lura, amma in ya faɗa a cikin lissafin kuɗi ko a umarnin da furosesa zai bi, sakamakon kuskure ne da ba a san asalinsa ba.

Akwai kuma wata barazanar da ba ta lokaci kaɗai ba. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Intel sun nuna cewa idan aka yi ta buɗe sahu ɗaya ana rufewa sau dubbai masu yawa a cikin wa'adi guda, sahun da ke makwabtaka da shi yakan zubar da caji da wuri har bit ya juye, abin da ake kira Rowhammer. Ƙwayoyin da suka biyo baya suna ƙoƙarin gano sahun da ake yawan bugawa su yi wa makwabtansa sabuntawar gaggawa. DDR5 kuma tana da tsarin gyara kuskuren bit guda a cikin ƙwayar kanta, alamar cewa guraben sun ƙanƙance har sabuntawa ita kaɗai ba ta wadatar ba.

## Abin da wannan yake nufi ga mai kwamfuta da mai waya

Na farko shi ne bambancin barci da kashewa. Idan aka zaɓi `Mettre en veille`, furosesa yana hutawa, amma kafin ya huta yakan umarci DRAM ta riƙa sabunta kanta da agogonta na ciki. Shi ya sa aiki yake dawowa nan da nan, kuma shi ya sa batir yake raguwa a hankali ko da murfin yana rufe. Kwamfutar tebur da ke barci in aka ɗauke wuta, sabuntawar ta tsaya, abin da ba a adana ba yana iya salwanta. `Mettre en veille prolongée` kuwa yana kwashe abin da ke RAM ne ya rubuta a faifai sannan ya kashe komai, don haka a unguwar da wuta take yawan zuwa da tafiya shi ne ya fi aminci. Waya ma haka take: tana aljihu, fuskarta a kashe, amma LPDDR ɗinta tana ta sabunta kanta, tana rage saurin yin hakan in ta yi sanyi, tana ƙarawa in ta yi zafi.

Wayoyin da ake tallatawa da RAM 8+8 kuwa, takwas ɗin farko ne kawai DRAM. Na biyun yanki ne da aka yanko daga ma'ajiyar fayiloli, wadda ke kulle caji a bayan wani shinge da ke riƙe shi shekaru babu wuta, amma rubutu da karatu a cikinta suna da nawa ƙwarai idan aka kwatanta. Yana taimakawa wajen ajiye manhajojin da ba a amfani da su a lokacin, amma kada a biya kuɗinsa kamar jiga 16 ne.

Sai batun zafi, wanda ya fi shafar mu. Yoyon caji yana kusan ninkawa a duk ƙarin digiri goma, shi ya sa ƙa'idar DDR4 ta ce daga digiri 85 zuwa 95 a ninka sabuntawa: `tREFI` ya koma maikurosakan 3.9, harajin ƙwayar da muka lissafa ya tashi daga kashi huɗu da rabi zuwa tara. Ya kamata a bambance zafin gari da zafin ƙwaya. Ko a watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai da Tawa suke haura digiri 40, lafiyayyar sanda a cikin na'urar da iska ke ratsawa ba ta kaiwa 85, kuma an gina ta da rarar da za ta jure. Wadda take shiga hatsari ita ce sandar da ta riga ta sami gurabe masu rauni, a cikin na'urar da ƙurar hunturu ta toshe mata mafitar iska, ko wadda ake ɗora ta a kan katifa. Gurbin da yake riƙe cajinsa da ƙyar da safe, da azahar ba zai kai wa'adin ba.

Alamar irin wannan matsalar ita ce rashin tsayawa wuri ɗaya. Na'urar tana tashi lafiya, sai bayan ta ɗumama manhajoji daban-daban su fara rufewa da kansu, fayil ɗin da aka kwafa ya ƙi buɗuwa, ko shuɗin allo ya fito da rubutu irin `MEMORY_MANAGEMENT`, gobe kuma ya fito da wani daban. Waɗannan alamun ba hujja ba ce su kaɗai, domin dattin da ke bakin sandar ko wutar da ba ta tsaya daidai ba suna iya kawo irinsu. Mai gyara zai fara da mayar da saitunan BIOS yadda suka zo, ya busa ƙura, ya cire sandar ya goge haƙoranta ya mayar, sannan ya tayar da na'urar da manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86 daga ƴar ma'ajiyar USB. A cikin gwaje-gwajensa akwai wanda ake kira `Bit fade test`, wanda ke cika ma'adanar da wani tsari, ya bar ta na wasu mintuna ba ya taɓa ta, sannan ya dawo ya duba ko wani bit ya juye, wato yana gwada ko sabuntawa ita kaɗai tana iya riƙe bayanin. A yi gwajin da sanda ɗaya-ɗaya, a bar shi ya zagaya sau da yawa, kuma a yi shi da rana lokacin da na'urar ta ɗauki zafi, domin sanda mai rauni takan ci gwajin sanyin safiya. Idan kuskuren yana bin sandar duk ramin da aka sa ta, ita ce za a canja, tunda ba a gyara gurbin da ke yoyo. Idan kuma yana tsayawa a rami ɗaya ko wace sanda aka sa, sai a koma kan allon uwa.